Wayar da Na Kusa Saya a Kan Hoto

Da sunan Allah nake fara wannan, kamar yadda na saba fara komai. A shekarun da gwamnati ke kwashe kujerarta daga Legas tana dawowa da ita Abuja, ina da rumfa a Nyanya, ba nisa da tasha. Rumfar langa-langa ce mai ƙofa ɗaya, ina sayar da kayan wuta: ƙwan fitila, soket, makunni, salatif, da waya kaɗan wadda nake yanka wa mutane yadi-yadi. Kullum da safe nakan zauna a kan benci ina kallon manyan motoci suna wucewa zuwa cikin gari, wasu ɗauke da siminti, wasu da teburan ofis an ɗaure su ƙafafu sama, wasu da akwatunan ƙarfe na ajiye takardu. Garin duk gini ake yi. Wanda ya zo da sana'a a hannunsa ba ya rasa abin kai wa gida, ni ma ban rasa ba, alhamdu lillahi, sai dai kasuwancina bai taɓa wuce na mai rumfa ɗaya ba.

Boko ban yi mai nisa ba. Abin da na samu a zauren malaminmu na samu, can garinmu: Alƙur'ani, ɗan abin da ya sawwaƙa na fiƙihu, da rubutun ajami wanda har yau da shi nake rubuta wasiƙa. Haruffan boko kuwa a jikin kaya na koye su, don dole mai sayar da waya ya iya karanta abin da aka buga a kanta.

Maƙwabcin rumfata wani mai haɗa wuta ne, Gbagyi, mutumin Yangoji, Kirista. Ya girme ni da 'yan shekaru. Manomin doya ne tun asali, da aka fara ginin birnin ya bi wani kamfani ya koyi aikin wuta, ya kuma iya shi sosai. Ba shi da rumfa, a tawa yake ajiye jakar kayan aikinsa, ni kuma duk wanda ya sayi kaya yana neman mai haɗawa sai in nuna masa shi. Yana kirana Malam, ina kiransa Oga. Hausarsa irin ta nan ce, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, ina tsokanarsa a kai, shi kuma yana cewa ai ni ko gaisuwa ban iya da yarensa ba alhali a ƙasarsa nake cin tuwo. Da wannan ya fi ni gaskiya.

Ta hanyarsa na san injiniyan. Matashi ne ɗan Arewa, mai sanyin magana, shi ke kula da aikin wuta a wasu gidajen ma'aikata da wani ɗan kwangila ke ginawa, waɗanda za a zuba iyalan da za a taso daga Legas. Wata rana ya tsaya da motarsa a gaban rumfata, muka gaisa, ya ce yana bukatar waya ta jere guda na gidajen, mai kauri biyu da rabi ta soket da mai ɗaya da rabi ta fitilu, naɗi da yawa, cikin mako biyu. Ya ce wanda ya saba kawo musu ya gaza, an kuma faɗa masa ni ba na sayar da jabu. Ya ƙara da cewa idan wannan ya yi kyau akwai sauran jere a baya.

Ban taɓa riƙe ciniki mai girman wannan ba. Sai na haɗa duk jarina, har da abin da nake tarawa na sayen fili, sannan ya kusa isa. Na san idan na kawo kaya mai kyau a kan lokaci na fita daga sahun masu rumfa ɗaya. Idan kuwa na kawo marar kyau, jarin ya tafi, sunan da ya sa injiniyan ya taka birki a ƙofata shi ma ya tafi, kuma a cikin bangon ɗakunan da yara za su kwana za a binne wayar.

Matsalar ita ce waya ta yi wuya a lokacin. Kowa gini yake yi. Babban dilan da na sani a Kaduna, wanda ke karɓowa kai tsaye daga kamfani, sai an bi layi, farashinsa kuma ba ya motsi. Da na yi lissafi a raina na ga in daga wurinsa na saya, ribar ba za ta wuce ta wahalar hanya ba.

Kwana biyu da maganar injiniya sai ga wani mutum. Bahaushe ne tashin Legas, fari, mai tsabta, da carbi a hannu da ƙaramar jaka ta fata. Ya yi sallama cikakkiya, ya ce a tasha aka kwatanta masa ni. Ya ce suna da sito a Legas shi da mahaifinsa, akwai waya jibge da wata ma'aikata ta yi oda, sai tashin nan ya zo aka soke aikin, kayan suka zauna musu. Suna so su rabu da su ko da an karya farashi. Ya buɗe jakar ya zaro hoto guda ɗaya ya miƙo mini.

Hoto ne mai launi, girman tafin hannu. Cikin sito ne, naɗin waya an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, ja da baƙi da kore, kowanne cikin ledarsa, da takardar kamfanin da kowa ya yarda da shi manne a gefe. Tambarin ya fito sarai. Amma idona a kan bango ya fi tsayawa. Can sama, bayan jerin kayan, wani ya yi rubutu da gawayi ko baƙin fenti, da ajami. Bisimilla ce, a ƙarƙashinta kuma an rubuta da Hausa cewa Allah ya sa albarka a abin da ke ciki, ya tsare shi daga haram. Hannun irin namu ne, na zaure, fa'un da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, wasullan duk a wurinsu. Na karanta a fili. Mutumin ya yi murmushi ya ce rubutun mahaifinsa ne.

Ba zan ɓoye ba, a nan zuciyata ta kwanta. Na shekara da shekaru a garin da ko'ina ka duba boko ne, a allunan hanya, a jikin motoci, a takardun ofis. Sai ga hannu irin na malaminmu a bangon wani sito a Legas. Na ce a raina gidan da aka rubuta wannan a bangonsa ba za a ci amana a cikinsa ba. Ban tambayi sunan unguwar da siton yake ba. Ban tambayi takardar da kamfani ke ba dila in ya sayi kaya ba. Farashin da ya faɗa ya yi ƙasa da na Kaduna da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, wannan ma bai tayar mini da hankali ba, don labarin soke aikin ya shiga kunnena daidai, a lokacin kowa ya san ana irin haka. Ya ce sharaɗi ɗaya ne: in ba da rabin kuɗin kafin alƙalami, don ya yi lodi ya sallami mai mota, sauran in kaya sun iso. Na ce ya dawo jibi da hantsi. Ya bar mini hoton.

Da yamma Oga ya dawo daga aiki, na miƙa masa hoton ina jin daɗi. Ya goge hannunsa a wando, ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora shi a tafin hannunsa yana ɗagawa sama da ƙasa kamar mai auna nama.

"Malam, wannan waya ba shi da nauyi ko kaɗan."

Na ce ya bar wasa, ya dubi tambarin.

"Na gani tambari. Tambari takarda ne. Ni ba na ja takarda a cikin bango, waya nake ja."

Na nuna masa rubutun, na fassara masa. Ya gyaɗa kai da girmamawa, don shi mutum ne da ba ya wasa da addinin kowa. Ya ce addu'ar ta yi kyau, amma a bango aka rubuta ta, shi kuma bai ji na ce bango zan saya ba. Ya tambaye ni ko mai kayan yana cikin hoton. Babu shi. Ya tambaya yaushe aka ɗauka. Ban sani ba. Raina ya ɗan ɓaci, na ce masa ba kowa ne ɓarawo ba. Ya ce haka ne, ya rataya jakarsa a ƙusa, ya tafi neman abinci.

Zan so in ce maganarsa ce ta juya ni, amma ba ita kaɗai ba ce, don a ranar ina ganin ƙyashi ne irin na ma'aikaci da ke son a ce sai da shi. Washegari bayan sallar la'asar ina zaune a masallacin tasha, ban tashi da wuri ba, sai karatun da muka yi a zaure ya dawo mini, babin ciniki. Malaminmu ya koya mana cewa ya halatta a sayi abin da ba ya nan a kan siffantawa, mai kaya ya faɗi kamanninsa, mai saye ya yarda. Amma in abin yana nesa, ba a gindaya sharaɗin a biya kuɗi tun kafin ya iso. Dalilin da ya ba mu shi ne, kuɗin nan ba a san matsayinsa ba: in kaya ya zo yadda aka faɗa ya zama farashi, in bai zo haka ba ya zama rance, Musulmi kuma ba ya shiga cinikin da bai san sunansa ba. Na tuna yadda yake kwatanta mana da buhun gero da ke wani gari. A zamaninsa babu mai yawo da hoto. Na zauna ina juya abin. Hoto gani ne ko siffantawa? Idona ya ga takarda mai launi, bai ga waya ba. Ashe hoton nan baki ne kawai, ya faɗi abin da mai shi yake so a faɗa. Legas kuma ba kusa ba ce.

Har a lokacin ban zargi mutumin ba. Abin da na ji tsoro shi ne in buɗe babban cinikina na farko ta ƙofar da aka koya mini ba a shiga.

Da ya dawo da hantsi, na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo shayi, na faɗa masa yadda na gani. Na ce ina nan a kan maganata, zan sayi kayan duka a farashin da muka yi, amma ba zan ba da ko sisi ba sai sun iso na gani da idona, na taɓa da hannuna. Fuskarsa ta canja kaɗan. Ya ce ashe ban yarda da shi ba. Na ce in don yarda ce ga shayi muna sha tare, hukunci ne na tuna, shi ma ɗan malamai ne ya san shi. Ya ce akwai wani a Wuse da ke roƙonsa kayan, shi don ya ga ni mutumin kirki ne ya fara zuwa wurina. Na ce in rabon na Wuse ne Allah ya sa masa albarka. Ina faɗa ina lissafi a raina, don kwanakin injiniya suna tafiya.

Ya tafi, da azahar ya dawo da naɗi guda a hannu, ya ce ga samfur. Oga na nan. Ya yanki ɗan guntu, ya fere robar, ya kankare ƙarfen da wuƙa. Ja ne har ciki. Ya ɗaga naɗin ya ji nauyinsa, ya ce wannan kam waya ce ta gaske. Na dube shi da irin kallon na faɗa maka. Shi kuma ya dubi baƙon ya ce wannan ɗaya ne, ina 'yan'uwansa. Ya ce a Yangoji ma in mutum zai kai doya kasuwa, manyan yake ɗorawa a sama.

Mutumin ya yi dariya, ya ce to tunda abin ya zama haka, akwai wani kaso na kayan da ya riga ya iso, yana wani ɗaki a Durumi, an kawo wa wani ne ya kasa biya. In ina so mu je in gani, in biya a nan take in kwashe. Wannan ne karo na farko da wani abu ya motsa a raina game da shi. Shekaranjiya kaya suna Legas suna jiran kuɗin mota, yau suna Durumi. Na ce gobe da safe, kuma da Oga zan zo.

Durumi a lokacin gidajen laka ne da na langa-langa a cakuɗe, da 'yan tireda, da hanyoyi da ruwa ya zaizaye. Ɗakin yana bayan wani gida, ba taga. Da aka buɗe ƙofa na ga abin da na gani a hoto, ko da yake bai kai shi yawa ba: naɗi ja da baƙi da kore, cikin leda, da takardar kamfani a gefe. Na ji sanyi a raina. Mutumin ya ɗauko ɗaya daga sama ya miƙo. Oga ya ce a'a, shi zai zaɓa. Ya sauke layi uku na sama ya ajiye gefe, ya zura hannu can tsakiya ya jawo ɗaya, ya jawo wani daga ƙasa ta wajen bango.

Mun taho da abubuwa uku: ƙaramin sikelin rataye da nake auna ƙusa da shi, naɗi ɗaya daga rumfata wanda na san asalinsa, da wuƙar Oga. Ya fara rataya nawa a sikeli, muka ga inda allurar ta tsaya. Ya rataya na saman jerin, ta tsaya wuri ɗaya. Ya rataya na tsakiyar, allurar ta tsaya can sama, da ƙyar ta wuce rabi. Tun kafin sikeli ma hannu ya faɗa, don da ya miƙo mini na ɗaga sai hannuna ya tafi sama da ƙarfin da na tanada.

Mutumin ya ce sabon samfuri ne, kamfani ya rage nauyin roba. Oga ya yage ledar, ya yanki kamu ɗaya, ya fere. Robar ma ta fi ta gaske kauri, an ƙara ta ne don wayar ta cika ido, ƙarfen da ke ciki kuwa ya fi siriri. A ido ja ne, yana ƙyalli kamar na gaske. Ya ɗora shi a kan dutse ya kankare da bakin wuƙa sau uku. Jan ya tafi kamar an goge lalle, fari ya fito. Ya juya mini bakin da ya yanka, na ga tsakiyarsa fari fat, jan zobe ne kawai a kewaye. Alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe.

Bai tsaya nan ba. Ya lanƙwasa guntun gaba da baya, kafin ya kai sau biyar ya karye. Ya yi wa nawa haka har hannunsa ya gaji bai karye ba. Akwai mai shayi a bakin hanya, Oga ya je ya roƙi wutar rishonsa, muka bi shi. Ya riƙe guntayen biyu da filaya ya sa a harshen wutar. Nawa ya yi baƙi, ya yi ja, ya tsaya a miƙe. Ɗayan ya sunkuyar da kai, ya lanƙwashe, ya gutsure ya faɗi. Sannan ya jiƙa yatsa da kananzir ya murza sunan kamfanin da ke jikin robar. A ta gaske sunan a nutse yake cikin robar, kana jin sa da farce, kuma yana maimaituwa a tazara ɗaya har ƙarshen naɗi. A wannan tawada ce aka buga a sama, ta bi yatsansa.

Saura tsawo. Takardar ta ce yadi ɗari. Muka warware naɗin a gefen hanya, ni na riƙe baki ɗaya, Oga yana aunawa da tef ɗinsa yana ƙirgawa da yarensa. Mutane suka fara taruwa. Wayar ta ƙare ba mu kai tamanin ba.

A hanyarmu ta komawa ɗakin Oga ya yi mini bayanin abin da da zai faru, a hankali, ba tare da ya ce ai na faɗa maka ba. Ya ce irin wannan waya ranar da aka haɗa ta fitila za ta kama, kowa ya yi murna, injiniya ya sa hannu. Sai an tare, an jona dutsen guga da hita da firiji. Alminiyam ba ya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, sai ya yi zafi. A bakin soket, inda aka ɗaure shi da noti, zafi da sanyi za su sa ya saki, ya yi tsatsa irin tasa, ya fara tartsatsi. Robar kuma ta tsofaffin robobi ce aka narka, ba ta jure zafi. Ya ce wata shida, shekara, ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai gani don tana cikin bango.

Na tambayi mutumin gaskiyar hoton. Da farko ya ce shi ma cutarsa aka yi. Da ya ga ba faɗa na zo yi ba, ya sassauta. Ya ce hoton na gaske ne, kayan da ke ciki ma na gaske ne, siton wani babban dila ne a Legas inda ya taɓa yin aikin lodi. Rubutun bangon wani dattijo mai gadi ne ya yi shi, ba mahaifinsa ba. Shi dai ya kira mai hoto ya ɗauka wata rana, ya wanke da yawa. Wayar kuma daga wasu yake karɓa, takardun a wurin masu buga takardu ake yin su, na saman jerin ne kawai yake saye na gaske. Sai ya matso ya rage murya.

"Alhaji, mu yi maganar kasuwa. Ka ɗauka a rabin kuɗi. Ka haɗa da na gaske kaɗan a sama. In an shafe bango wa zai sani?"

Ban taɓa zuwa Makka ba a lokacin, ya dai ɗaga ni ne. Na ce masa, "Ni zan sani. Wanda dattijon nan ya roƙa a bango shi ma zai sani."

Na miƙa masa hotonsa. Na biya shi kuɗin naɗin da muka yanka, don mun ɓata masa shi, Oga yana ta hararata. Da muka koma Nyanya na je wurin shugaban 'yan kasuwarmu na faɗa masa, na nuna masa guntun, ya aika a sanar da masu kayan wuta na tasha da na Wuse. Da aka je Durumi bayan kwana biyu an tarar da ɗakin a buɗe, babu komai. Ban san inda kayan suka tafi ba. Wannan ya daɗe yana damuna, don na san wani ya saya.

Kwana shida sun tafi a cikin sha huɗun. Na je wurin aikin na sami injiniya a ƙarƙashin wata rumfar kwano yana duba zane. Na gaishe shi, na ajiye masa guntayen biyu a kan tebur, na ba shi labarin tun daga hoton, ban rage wautata ba. Na ce daga Kaduna zan kawo, akwai layi, zan iya makara da kwana uku ko huɗu, in ba zai iya jira ba ya ba wani, ba zan ji haushi ba. Ya ɗauki farin guntun yana juyawa. Ya ce ɗan kwangila yana hura masa wuta, shi ma daga sama ake hura wa ɗan kwangilar, don an riga an sa wa iyalan ranar tasowa. Har na fara cire rai. Sannan ya ce zai sa ma'aikata su ci gaba da fasa bango da sa bututu, ya ba ni kwana huɗu a kan wa'adin, ba biyar ba.

Na tafi Kaduna a motar safe. Kwana goma ina zarya a ƙofar dilan kafin layi ya zo kaina. Da aka fito da kayana na ce a ba ni takardar kamfani mai lambar kaya, aka ba ni. Na zaro sikelina daga aljihu na fara ratayawa, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa. Magatakardan siton ya ce Malam, nan ma? Na ce nan ma, ka yi haƙuri. Na kankare, na murza, na sa aka warware ɗaya muka auna. Yadi ɗari cif. Dilan da kansa ya fito yana kallona, dattijo ne mai furfura, ya ce a bar ni in auna, mai aunawa shi ke dawowa.

Na iso da kayan ranar da kwana huɗun suka cika, da la'asar. Ribar da ta rage bayan kuɗin mota ba ta kai abin faɗa ba. Injiniya ya zo bakin motar, bai karɓi wanda na miƙa masa ba, ya hau da kansa ya jawo daga tsakiya. Na ji daɗin hakan. Ya karɓi wuƙar Oga ya fere, ya kankare, ya ɗaga wa rana. Ja har ciki. Ya yi haka sau uku a wurare uku, sannan ya ce a sauke. Da zan tafi ya kira ni, ya ce jere na biyu zai tashi bayan wata ɗaya, in fara shiri, kuma wannan karon in je Kaduna da wuri.

Oga aka ba aikin jan wayar a gidaje huɗu daga ciki. Washegari na rufe rumfa na bi shi, ban taɓa ganin yadda ake yi ba sai ranar. Ya tsayar da ni a falo na riƙe naɗin a hannu biyu ina saki a hankali, shi yana can ɗakin kwana yana ja ta cikin bututu. In na saki da yawa ta harɗe, ya yi mini tsawa ta cikin bango, in na riƙe ya ce Malam ka sake mata mana, ba kuɗinka ba ne yanzu. Haka muka yi har azahar, ɗaki bayan ɗaki. Hannuwana suka yi tsami, don waya ta gaske akwai nauyi.